Manhajar da ta ci gwajin yunit amma take mance fom a ƙaramar waya: wa ya taɓa haɗuwa da irin wannan?

Nura, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina shirin sakin wata manhajar Android da na rubuta wa masu sayen masara a kasuwannin ƙauye da ke hanyar Giwa, inda wakili zai shigar da sunan manomi da yawan buhuna da farashi, sannan ya ɗauki hoton rasit. Gwajin yunit da na rubuta na lissafin kuɗi da tantance lambar waya duk sun wuce lafiya, haka kuma a wayar kwaikwayo ta kwamfuta ban ga wata matsala ba. Sai da na ba wani wakili ya gwada a wayarsa mai ram giga 2, sai ya ce da zarar ya ɗauki hoton ya dawo, sai ya tarar fom ɗin wayam, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta. A tawa wayar abin ya ƙi faruwa ko sau ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin haka ya gaya mana yadda ya kama ta kafin saki.

Bashir, Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam. Malam Nura, ni a ganina matsalar sabis ce, domin makamanciyarta ta same ni da manhajar karɓar oda ta wani shago. Da an fita daga gari sabis ya yi rauni, sai mutum ya danna maɓallin turawa, ya ga shiru, ya sake dannawa, oda ɗaya ta shiga saba sau biyu. Maganin da na yi shi ne ba kowace oda lambarta ta musamman tun daga cikin waya, yadda saba za ta yi watsi da maimaici, kuma tun daga nan ba na sakin komai sai na mayar da waya kan 2G na gwada.

Hauwa, Kongo:
Shawarar Malam Bashir tana da amfani, kuma za ka buƙace ta tunda wakilanka ƙauye suke shiga, amma ba ita ce wannan cutar ba, domin fom ɗinka yana ɓacewa ne tun kafin a tura komai. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da wakilin ya buɗe kyamara, manhajarka ta koma baya, kyamara kuwa tana cin ram sosai. Idan ram ɗin ya yi ƙaranci, Android yakan kashe manhajar da ke baya gaba ɗaya domin ya samar wa ta gaba wuri, kuma haka aka tsara shi ya yi. Da wakilin ya dawo, sai tsarin ya sake tayar da manhajar a shafin da aka bar ta, amma duk abin da ke ajiye a ƙwaƙwalwar wucin gadi ya tafi, har da abin da ke cikin ViewModel, wato ajin da ke riƙe bayanan shafi. Idan sunan fayil ɗin hoton yana cikin abin da ya tafi, kod ɗinka zai nemi abin da babu shi, nan ne manhajar take faɗuwa.

Gwajin yunit ba zai ga wannan ba, saboda yana duba lissafi ne a kwamfuta, inda babu mai kashe komai. Babbar wayarka kuma tana da wadataccen ram, shi ya sa take rufa maka asiri.

Bashir, Sabon Gari:
To idan haka ne abin mai sauƙi ne. Ya shiga Developer options ya kunna Don't keep activities, ko kuma ya juya wayar a kwance, ai zai ga matsalar nan take.

Hauwa, Kongo:
Juya waya ba zai nuna ta ba, domin an yi ViewModel ne musamman don ya tsira daga juyawa. Don't keep activities ya fi kusa, kuma yana kama wani ɓangare, sai dai shafin kawai yake rushewa, manhajar kanta tana nan da rai, saboda haka duk abin da aka ajiye a matakin manhajar baki ɗaya, kamar bayanin wakilin da ya shiga, zai ci gaba da zama kamar lafiya lau. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka haɗa wayar da kwamfuta, ka cika fom ɗin rabi, ka danna maɓallin komawa gida, sannan ka buga wannan da sunan taka manhajar:

```
adb shell am kill com.misali.rasit
```

Umarnin yana aiki ne kawai idan manhajar tana baya. Daga nan sai ka dawo cikinta ta jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan, ba ta hanyar share ta daga jerin ba, domin sharewa tamkar mai waya ne ya rufe da kansa, kuma tsarin ba ya dawo da komai a wannan halin.

Gyaran kuwa, abin da aka rubuta a fom da adireshin hoton su shiga SavedStateHandle, wurin ajiyar da tsarin ke dawo da shi bayan ya kashe manhaja. Kada ka cusa hoton kansa a ciki, domin wurin bai wuce kusan mega 1 ba, kuma idan ka zarce za ka ga TransactionTooLargeException. Ni da nake ganin wakili zai iya cika fom a tsakiyar kasuwa batir ya mutu, na fi son a riƙa rubuta shi a Room, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya, tun yana rabi. Bayan gyaran ne gwajin yunit zai yi maka rana: ka cika ViewModel ɗaya, ka ƙirƙiri sabo da SavedStateHandle ɗin na farko, ka tabbatar yawan buhuna bai canza ba.

Alhaji Sani, Tudun Wada:
Ni ba gwani ba ne kamar Malama Hauwa, amma ina da jan hankali guda. Google Play yana buƙatar sabon asusun mutum ɗaya ya yi rufaffen gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki. Yawancinmu abokan karatu muke tarawa, masu manyan wayoyi, su sauke manhajar su ajiye. Ni 'yan shago da masu tuƙa keke na roƙa, kuma a wurinsu na ga waya mai cike da bidiyo har babu wurin ajiye hoto, da wadda aka ƙara wa girman rubutu har maɓallin turawa ya faɗa ƙasan allo. Ɗana Nura, ka sa wakilan nan naka su zama su ne sha biyun.

Bashir, Sabon Gari:
Baba Alhaji, ba kowa ke da irin waɗannan mutane a hannu ba. Firebase Test Lab yana gwada manhaja a wayoyi na gaske, kuma ya fi bin mutane ana roƙo.

Alhaji Sani, Tudun Wada:
Yana gwadawa, amma wayoyin can wankakku ne, babu WhatsApp da ke cin ram a baya, babu ƙura a kyamara. Ni dai ban daina bin mutane ba.

Nura, Samaru:
Na gode ƙwarai. Na buga umarnin a tawa wayar, fom ɗin ya ɓace daidai yadda wakilin ya faɗa, kuma bayan gyara rubutun yana dawowa. Saura abu ɗaya: a wayarsa shi kaɗai, wurin hoton yana fitowa baƙi ƙirin duk da cewa fayil ɗin yana nan.

Hauwa, Kongo:
Wannan na iya zama girman hoton ne, tunda kyamarar ƙaramar waya ma tana fitar da hoto mai nauyi idan aka buɗe shi cikakke, ko kuma fayil ɗin an ƙirƙire shi amma babu komai a ciki. Ka duba girmansa tukuna, sannan ka haɗa wayar wakilin ka turo mana abin da `adb logcat` ya nuna daga lokacin da ya danna kyamara har ya dawo, kuma ka yi gwajin da ainihin zubin da za ka saki, ba na aikin gida ba.