Oga yana ba da umarni da baki, in abu ya ɓaci ya musanta

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Shekarata biyu a sashen lissafi, ƙarƙashin wani oga da ke ba da umarni da baki, in abu ya ɓaci ya ce bai taɓa faɗa ba, ya tsinka ni a gaban jama'a. Makon jiya ya ce in cire wani layi daga rahoton wata, na cire, washegari a mitin ya ce wa ya sa ni. Yanzu ƙarfe biyun dare nake farkawa ina tisa maganarsa, har na fara zargin ko ni ce ban iya aikin ba. Kuma ba ni da halin ajiye aikin.

Baban Zara: Wa alaikumus salam. Sai haƙuri, 'yar'uwa. Ni da na tashi daga aiki nake kashe waya, abin ofis ya kwana a ofis. Ki gwada, za ki ji sauƙi.

Anti Ladi: Baban Zara, kashe waya yana da amfani, amma ita ba waya ke tashinta ba. Abin da ke hana ta barci shi ne ba ta da shaida, ko a gaban kanta. Wanda aka yi ta ƙaryatawa, wata rana shi ma zai fara shakkar kunnensa.

Ƙanwata, na daɗe a sashen kula da ma'aikata, ga abin da na ga yana aiki. Duk sanda ya ba ki umarni da baki, kafin ki taɓa aikin ki tura masa gajeren saƙo ta imel ɗin ofis: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta ɗazu, zan cire layi kaza daga rahoton wata. In ban fahimta daidai ba, a gyara mini kafin ƙarfe biyu." Kada ki sa gugar zana a ciki, kada ki saka kowa a kwafi tukuna. Ko bai amsa ba, rana da lokaci sun zauna. Ranar da ya musanta a mitin, kada ki ja da shi a nan, don mai irin halinsa ba ya ja da baya a gaban mutane. Ki ce za ki duba, bayan an tashi ki sake tura masa saƙon nan.

Kuma ki samu littafi naki na kanki, wanda ba ya kwana a ofis. Ki riƙa rubuta kwanan wata, abin da ya faɗa kalma da kalma, da waɗanda ke wurin. Minti goma kafin ki kama hanyar gida sun isa. A ƙasa ki raba maganar biyu: wace ce gyara ta gaskiya a aikina, wace ce cin fuska kawai? Ta farkon ki gyara gobe. Bayan wata guda ki karanta duka, za ki ga da idonki sau nawa kuskuren naki ne.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: cire layi daga rahoton kuɗi. In akwai sa hannunki a kai, ke masu binciken kuɗi za su fara tambaya. Irin wannan kada ki sake yin sa sai da umarni a rubuce.

Ɗan Autan Mama: Ki ɗauki muryarsa a waya kawai ki kai wa na sama da shi. Ni nawa ogan, albashi yake riƙe mana, da muka haɗa kai muka kai ƙara ya saki.

Anti Ladi: Auta, naku ku da yawa ne, ita kuwa ita kaɗai ce. Naɗar murya a ɓoye kuma, wasu wuraren doka ko ƙa'idar aiki ta hana, sai mai ƙara ta koma mai laifi.

Yaya Nas: Ni farkawar daren ce ta dame ni. In kin kai kamar minti ashirin barci bai dawo ba, ki tashi daga gadon, ki zauna a haske kaɗan ba tare da waya ba, sai kin ji barci ki koma. Amma in kika yi mako biyu kusan kullum ranki a ɓace, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, ko cin abincinki ya canza, don Allah ki ga likita. Wannan ya wuce a ce haƙuri.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, tsorona kada ya ga saƙon ya ce tarko nake ɗana masa, abin ya ƙara lalacewa.

Anti Ladi: Zai iya, ba zan ɓoye miki ba. Na ga waɗanda suka gyara bakinsu da suka ga ana rubutawa, na ga wanda ya ƙara zafi. In ya tambaya, ki ce don gudun kuskure kike yi, kuma ki yi wa sauran abokan aiki haka don kada ya zama shi kaɗai. In ya ce ki daina rubuto masa gaba ɗaya, ki rubuta wannan ma a littafin, ki dawo mu duba ko akwai wanda za a iya kai wa magana a samansa. Akwai kuwa?