Shagon mai ba ni kaya ya ƙone, yaya zan yi masa jaje da Turanci?

Mai Atamfa, Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Inyamurin da nake sarin atamfa da leshi a wurinsa a cikin Eko, wuta ta cinye masa shago da sito daren jiya. Mun daɗe tare, har kaya yake ba ni sai na sayar in kawo kuɗi, kuma yanzu haka akwai ragowar kuɗinsa a hannuna. Ba ya jin Hausa, wayarsa kuma ba ya ɗagawa. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna: "Accept my condolence for the fire. How did it happen and how much did you lose? Don't worry, God knows best." Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya duba mini, abin ya tsaya mini a rai.

Ɗan Canji: Ai ya yi, Alhaji, tura kawai. Ka dai ƙara harafin s ya zama "condolences", haka ake rubutawa.

Malama, Idi-Araba: Gaskiyarka a kan harafin, amma Alhaji kada ka tura haka. Wannan kalma ta mutuwa ce. Kamar ka je wa wanda aka yi wa sata ka ce ka zo ta'aziyya maimakon jaje. Gabansa zai faɗi ya zaci wani labarin ka ji. In ba a rasa rai ba, buɗe da "I am so sorry to hear about the fire at your shop." Ka ambaci abin da ya faru sau ɗaya, kada ka shiga siffanta shi.

Tambayoyin nan biyu su suka fi damuna. Mutumin da ya kwana yana kallon jarinsa na ci, da safe ga 'yan kwana-kwana, ga shugabannin kasuwa, ga mai gidan haya, kowa tambayarsa yake, kai ma sai ka ɗora masa aikin lissafi? Kuma tunda kana riƙe da kuɗinsa, tambayar nawa ya yi asara za ta iya zama masa kamar kana auna ko ya durƙushe ne. "Don't worry" ma cire shi, dole ya damu. Ni na koyar da Turanci shekaru, kuma saƙon jaje da na ga ya fi shiga zuciya bai cika wuce jimla huɗu ba: na ji, na tausaya, ga abin da zan iya yi, ba sai ka amsa yanzu ba.

Baba Mai Tireda: Ni wuta ta taɓa ci na, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Lokacin gobarar Balogun ta watan Nuwamba 2019 ina da ɗan kaya a ajiye a yankin, ba abin da na fitar. Saƙonni suka yi ta shigowa, na Hausa da na Turanci. Wanda ya fi ƙona mini rai na wani ne da ya ce "At least nobody died." Na san alheri yake nufi, kuma na gode wa Allah da ba a rasa rai a cikin yarana ba, amma ni ya kamata in faɗi haka, ba shi ba. Da ya faɗa sai na ji kamar an ce mini in yi shiru, asarar tawa ba ta kai a yi magana ba. Wani kuma ya rubuto mini doguwar nasiha a kan inshora da wayar lantarki, a ranar da toka ba ta huce ba.

Wanda har yau ban manta ba wata Bayarabiya ce da muke ciniki. Layi biyu kawai: "Baba, I heard. I am very sorry. I have space in my store if you need to keep anything." Ban ma ajiye komai ba, amma na san wannan da gaske take.

Direban Tirela, Apapa: Ni dai shawarata ya fara zuwa ofishin 'yan sanda a ba shi takardar rahoto, don in babu ita, banki ko inshora ba sa saurarenka. Da aka fasa mini mota aka kwashe batir da takardu haka na yi.

Malama, Idi-Araba: Sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Amma ba Alhaji wutar ta ci ba, saƙon jaje yake son rubutawa. Sai dai ka tuna mini da sata, ita tana da nata tarkon. Wanda aka yi wa sata yana zargin kansa tun kafin kowa ya buɗe baki, don haka duk jimlar da ta fara da "You should have" ko "Why didn't you" gishiri ce a kan gyambo. Wata abokiyar aikina ta faɗa motar 'yan wan-cans daga Oshodi, suka karɓe jaka da waya. Abin da na rubuta mata shi ne "I am so sorry this happened to you. I am glad you are safe. It was not your fault." Kuma ta lambar mijinta na tura, don wayarta tana hannun ɓarayi. Mutane da yawa ba sa lura da wannan, sai su yi ta jajanta wa ɓarawo.

Mai Atamfa, Agege: Na gode ƙwarai. Na sake shi: "Oga, I am so sorry to hear about the fire at your shop. You and your family are in my prayers. I will send your balance on Friday so you have something in hand. No need to reply now." Ya yi?

Malama, Idi-Araba: Ya yi kyau, ba ƙari. Sharaɗi ɗaya: Juma'ar nan ta tabbata. In ba ka da tabbacin ranar, cire ta, ka rubuta abin da za ka iya cikawa.

Ɗan Canji: Ni fa ban yarda a haɗa maganar kuɗi da jaje ba. Ka yi jajen yau, gobe ka tura kuɗin da saƙo daban. A wurinmu ai ba a zuwa gaisuwa da littafin bashi.

Baba Mai Tireda: Ɗana, in shi ke bin mutumin bashi, to maganarka dutse ce, ko kusa kada ya ambata. Amma nan shi ake bi. A makon da na ƙone, masu riƙe da kuɗina da dama ɓacewa suka yi, kowa na jira ya ga ko littafin bashin ma ya ƙone. Da wani ya ce mini ga ranar da zai biya, da na yi barci a daren.

Hajiya Mai Abinci, Obalende: Ni tambayata a kan addu'ar ce. Ga Kirista ɗan Najeriya "in my prayers" daidai ne, su ma haka suke ce mana, wasu su ƙara da "It is well." Amma maigidan 'yata a kamfani Bature ne, da ɓarayi suka shiga gidansa sai ta rubuta "You are in my thoughts" don ba ta san inda ya tsaya a addini ba. Ni kuwa na ce mata addu'a ba ta ɓata wa kowa rai, har yau ba mu daidaita ba. Alhaji, bayan saƙon ka daure ka taka har kasuwar ya gan ka da idonsa, ko minti biyar ne.

Mai Atamfa, Agege: Na tura da safen nan yadda yake, da maganar kuɗin a ciki. Ya buɗe, bai amsa ba tukuna. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga Eko in same shi.