Na sayi gareji da sunan tsohon mai shi a allo, yaushe zan sauke sunan?

Sabon mai gareji: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi garejin gyaran mota daga hannun wani dattijo da ya shekara 19 yana riƙe da shi. Sunansa ne a allo, da shi kowa ya san wurin. A takardar ciniki ya yarda in ci gaba da amfani da sunan na wata 12, daga nan sai in cire. Kanikawa huɗu na gada, duk suna nan. Abin da ya shige mini duhu: in sauke allon yanzu a wuce wurin, ko in bari sai wa'adin ya kusa? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labarin yadda ta kaya.

Mai wankin kaya: Wa'alaikumus salam. Ni na yi gaggawar, kuma na ji a jikina. Satin da na karɓi shagon na canza allo, na canza fenti, na sa sabuwar lambar waya, na kuma sallami matar da ke karɓar kaya saboda ina so in sa ƙanena. Cikin wata uku masu kawo kaya duk mako suka ragu sosai. Da na bi wasunsu na tambaya, kusan babu wanda ya ambaci suna. Wani ya ce ya kira tsohuwar lambar bai samu ba, ya ɗauka an rufe. Wata ta ce matar nan ce ta san yadda take son a ninke mata kaya, ta leƙo ba ta gan ta ba, ta juya. Da yake komai na canza a lokaci guda, har yau ban san nawa sunan ya kora, nawa sauran suka kora ba.

Mai neman sani: Ai ba wuya, ɗan'uwa. Ka je ofishin rajistar kamfanoni ka cike takardar canjin suna, su duba ko wani bai riga ka ba, shi ke nan.

Sabon mai gareji: Na gode, amma rajista na riga na gama. Ba hukuma nake tsoro ba, masu motocin nake tsoron su watse.

Tsohuwar akanta: Malam, wata 12 ɗin nan shi ne mafi tsadar abin da ka saya, kada ka zubar da shi a sati guda, kada kuma ka zauna sai ranar ƙarshe. Na riƙe littattafan wani shagon kayan gini da aka sayar da irin wannan sharaɗi, ga yadda muka raba lokacin.

Wata uku na farko ba mu taɓa allo ba. Abin da muka yi shi ne fito da littafin ciniki na shekara biyu, muka ware waɗanda suka dawo fiye da sau uku. Mutum 140 da ɗoriya suka fito, kuma kusan 30 daga ciki su ne ke ɗauke da shagon. Waɗannan talatin ɗin tsohon mai shagon da kansa ya kira su, wasu ma ya je da sabon mai shi har inda suke ya ce ga wanda na damƙa wa. Magana daga bakinsa ta fi duk wata sanarwa da za mu buga.

Daga wata na huɗu sabon suna ya shiga allo da rasit, amma ƙarami, a ƙarƙashin tsohon. A wata na takwas muka juya: sabon ya zama babba, tsohon ya koma ƙasa da kalmar "wanda a da ake kira". Masu ɗaukar waya ma sunaye biyun suke faɗa. Wata na sha biyu muka goge tsohon, kuma a lokacin mutane da yawa ba su ma lura ba. A duk tsawon wannan lokaci lambar waya, ma'aikata da lokacin buɗewa ba su motsa ba.

Abu ɗaya da ya kusa ba mu kunya shi ne asusun banki. Mun sa sabon asusu a rasit ba tare da mun gaya wa kowa ba. Mai saye ya zo tura kuɗi, ya ga sunan da bai sani ba ya fito a wayarsa, ya fasa, yana zaton 'yan damfara ne. Ka sanar da wannan baki da baki tun kafin ranar.

Ɗalibin kasuwanci: Ni a ganina, Hajiya, jan lokaci ruɗa mutane yake yi. Manyan kamfanoni dare ɗaya suke yi. Lenovo ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005, ya sa sunansa, kuma ga shi har yau ana saye.

Tsohuwar akanta: Ɗana, misalin naka ni yake goya wa baya. A cinikin an ba Lenovo izinin amfani da sunan IBM na shekara biyar. Ya yi amfani da shi na wani lokaci, ya ajiye kafin wa'adin ya cika, sunan kwamfutocin ThinkPad da ya gada daga IBM kuwa bai taɓa shi ba. In dare ɗaya kake nema, duba kantin Marshall Field's na Chicago da aka mayar Macy's a 2006 bayan an saye kamfanin da ke da shi. Tsofaffin masu saye har zanga-zanga suka riƙa yi a ƙofar kantin. Inda nake tare da kai shi ne in tsohon sunan ya ɓaci, da bashi ko da mugun aiki. Nan kam a sauke shi da wuri.

Mai shagon tabarau: Nawa kuskuren a taswirar Google ne. Ban karɓi tsohon shafin shagon daga hannun wanda ya sayar mini ba, sai na buɗe sabo. Aka wayi gari shago biyu a adireshi ɗaya: tsohon da yabon mutane na shekaru, sabon fayau. Ka sa dattijon ya mayar da kai `Primary owner`, wato babban mai shafin, tun yana kusa, sannan ka gyara sunan a kan shafin da ke nan. Sai kuma alkawuran da ya bari. Mutane sun zo mini da takardar garantin da ya ba su, na cika duka ko da ba dole ba ne a takardar cinikinmu. Na yi asara a kai, amma yawancinsu har yanzu nan suke zuwa.

Sabon mai gareji: Allah ya saka da alheri. To Hajiya, ta yaya zan gane ko ana guduna ne ko kasuwa ce kawai ta yi sanyi?

Tsohuwar akanta: Kada ka duba jimillar kuɗi, sababbin masu zuwa za su iya rufe maka ramin. Ka ɗauki jerin tsofaffin nan, ka ga wa ya saba kawo mota juyen mai duk wata uku ya wuce lokacinsa bai zo ba. Ka kwatanta da irin watan a bara, ba da watan jiya ba. Wanda ya tsallake zuwa ɗaya, kira shi. In ya tsallake biyu, ya riga ya sami wani kanikan.

Mai wankin kaya: Ni dai shekara uku ke nan da canza allo, kuma har yau in za a yi wa baƙo kwatance, da tsohon sunan ake yi. Da abin yana ƙona mini rai. Yanzu in an kira an ambace shi, amsawa kawai nake.

Sabon mai gareji: Akwai wata kuma. Babban kaniken jiya ya ce mini in allon ya sauka, shi ma zai duba gaba, wai sunan maigidansa ne ya riƙe shi. Rabin masu motocin hannunsa suka sani. Ban san ko ƙarin albashi yake nema ko da gaske yake ba, kuma ban ba shi amsa ba tukuna.