Abin da ya kamata Zainab ta rubuta a takardar tallan shagonta

Ƙanwata Zainab za ta buɗe shagon ɗinki kusa da Kantin Kwari a Kano, shi ya sa muka zauna da wasu tsofaffin teloli kan takardar tallan da za ta raba.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan kwatance. Lambar shago kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a cikin wannan cunkoso. Suka ce ta rubuta sunan gidan, hawa na nawa, da abin da ke kallonsa, ko masallaci ne ko banki. Wadda ta sayi atamfa, tana riƙe da ledarta cikin rana, in ta yi tambaya sau biyu ba ta gane ba, wani telan za ta kai wa.

Sai maganar alkawari, inda aka fi daɗewa. Zainab ta rubuta "ɗinki cikin gaggawa". Wani dattijo ya ce, "'Yata, goge wannan. Rubuta kwana nawa." Keke biyu gare ta, don haka aka tsaya a kan "riga da zani, kwana 4", da ƙarin cewa ɗinkin Sallah sai an kawo kafin 15 ga azumi. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, domin saɓa alkawari ne ya ɓata sunan teloli da yawa.

Kan farashi an rabu. Wasu suka ce kuɗin zare da shafi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ta rubuta "daga naira kaza" kawai. Lambar waya kuwa ɗaya tak, da manyan baƙaƙe, wadda ake samunta a WhatsApp.