Neman kalma: rubutun da ake ɗauka daga tsohuwar hira zuwa sabuwa

Malamar Jekadafari: Assalamu alaikum. Asabar da safe ina da darasi da ɗalibaina kan aiki da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, kuma gobe Juma'a kafin a tafi masallaci zan kai takardun a buga. Kalma ɗaya ta tsaya mini. Idan hira ta yi tsawo, mutum ya danna New chat, sau da yawa sabon shafin bai san abin da aka yi a tsohon ba. Sai ka rubuta bayanin inda aka tsaya ka liƙa a farko, aiki ya ɗora. Masu harkar suna cewa rikaf. Mu me za mu kira shi?

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Taƙaitawa mana, Malama. An gama.

Malamar Jekadafari: Da ita na fara, ta ba ni kunya. Watan jiya ina fassara dokokin wata ƙungiyar adashe ta mata, sashe 12. Tun a sashe na 2 aka tsayar cewa kuɗin da mamba ta karɓa za ta mayar rance ne, domin matan sun ce kalmar bashi tana musu nauyi. A sashe na 7 hirar ta cika. Na rubuta layi uku: muna fassara dokokin adashe, mun gama shida, saura shida. Taƙaitawa ce, ba ƙarya a cikinta. Sabon shafin ya cika mini sashe na 7 da na 8 da bashi, ya kuma mayar da ma'aji ma'ajiya a wani wuri. Sai da na bi layi layi. Idan na ce wa yara taƙaitawa, irin wannan za su rubuta.

Injiniyan Tumfure: Malama ta taɓo wurin. Manhajar ba ta tuna hira yadda mutum yake tunawa. Duk lokacin da za ta ba da amsa, sai ta sake bin rubutun hirar da ke gabanta, kuma abin da take iya bi a karo ɗaya yana da iyaka. Ana auna shi da tokin, wato gutsattsarin kalmomi, kuma Hausa ta fi Turanci cin tokin, don haka tamu hirar ta fi saurin cika. Idan aka kai iyaka, wata manhajar ta ce a buɗe sabon shafi, wata ta riƙa zubar da farkon hirar ko ta matse shi ba tare da ka lura ba. Alamar ita ce ta fara saɓa abin da kuka daidaita tun farko.

To rubutun da ake nema ba labarin abin da ya wuce ba ne kawai. A aikin Malama ya kamata ya faɗi wa ake yi wa fassarar, ya jero kalmomin da aka tsayar, sannan ya faɗi waɗanda aka ƙi da dalilin ƙin su. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi mantawa, kuma abin da aka ƙi shi yake fara dawowa. Sai a kwafo sakin layi na ƙarshe da aka kammala harafi da harafi, a rubuta aikin da ke gaba. Kalmar da za mu zaɓa ta kalli gaba.

Goggon Yelwa: Ni wayata ta faɗa ruwa bara, duk hirarrakina na WhatsApp suka tafi. In wannan ne, ku ce ajiya kawai.

Ɗan Wunti: Goggo, wancan bakof ne, daban yake. Amma Injiniya, me zai hana a kwafe tsohuwar hirar dukanta a zuba a sabuwar? Ba abin da zai ɓace.

Injiniyan Tumfure: In gajera ce, ya yi. In ta cika ne, ka cika sabon shafin tun kafin ka fara. Kuma ka kwaso har da kurakuran da aka gyara, bashi da rance suna zaune gefe da gefe.

Nas ɗin dare: Ku yi haƙuri, mu a asibiti kullum wannan muke yi. Mai sauka daga aiki ba ta ba mai hawa tarihin mara lafiya tun daga haihuwa. Tana cewa gado na kaza an ba shi magani ƙarfe kaza, kada a ba shi wane domin bai karɓe shi ba, saura allurar asuba. Handoba muke cewa, kuma har masu shara sun san kalmar.

Baffa Mai Ƙamus: Handoba! 'Yata, da Hausa ta rasa kalma sai mu yi aro, amma ba ta rasa ba. Ni na daɗe da ƙera maɗora, daga ɗora, kamar yadda aka sami mahaɗa daga haɗa da matsaya daga tsaya. Wurin da ake ɗorawa ke nan. Malama, rubuta maɗora ki huta.

Ɗan Wunti: Baffa, ranka ya daɗe, in na ji maɗora mai gyaran karaya nake gani.

Baffa Mai Ƙamus: Wancan maɗori ne, jam'insa ne ya zo daidai. Hausa cike take da irin wannan, gari da gari ma a rubuce ɗaya ne, ba wanda ya taɓa tuƙa tuwo da birni. Ku dai kun fi son duk abin da Bature ya tauna. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Bature ne, ya zagaya yana tattara kalmominmu, mu kuma muna zubar da su.

Nas ɗin dare: Baffa, a saƙonka akwai ƙamus, Larabci ne. Asibitin da nake aiki ma kalmar aro ce.

Baffa Mai Ƙamus: Aron da ya kwana shekaru ya zama ɗan gida. Handoba baƙuwa ce.

Ɗan Wunti: Abin da ke damuna shi ne, ko mun yarda a nan, sai an ji ta a bakin mutanen Kano ko a gidan rediyon waje kafin a ce Hausa ce. In ta fito daga Bauchi a ce karin harshe.

Goggon Yelwa: Su suka ce mana ba mu bambanta mace da namiji a magana. To su zo su faɗa mana maɗora mace ce ko namiji.

Malamar Jekadafari: Jama'a, don Allah, mai buga takarda ba zai jira Kano ba. Na gwada waiwaye, baya yake kallo. Matashiya tunatarwa ce. Bita kuma maimaita karatu ne. Amma ɗazu ƙanwata ta shigo tana tambayata a ina muka kwana kan maganar ɗinki, sai na ji kamar shi ne. Bayanin inda aka kwana.

Injiniyan Tumfure: Ya fi taƙaitawa nesa, domin duk wanda ya tambayi inda aka kwana ci gaba yake nufi. Abin da bai ɗauko ba shi ne abubuwan da aka ƙi, kuma nan handoba ta fi shi. Ki sa musu wannan a matsayin layi na musamman a takardar. Ki kuma gaya musu su rubuta shi tun hirar ba ta cika ba, su duba shi da idonsu. In aka bar wa manhajar ta rubuta a ƙarshe, wataƙila farkon hirar ya riga ya fita daga abin da take gani.

Baffa Mai Ƙamus: Kalma huɗu a wurin ɗaya. Wannan jimla ce, ba suna ba. Amma Hausa ce, ba zan yi musu ba. Ni dai a rubutuna maɗora zan ci gaba da sawa.

Nas ɗin dare: Yaran kuma handoba za su ce, ku rubuta ku ajiye.

Malamar Jekadafari: Kan darasin zai zama Bayanin inda aka kwana. A ƙasa zan ambaci cewa wasu na cewa handoba. Baffa, zan faɗi maɗora a aji in ji yadda za su karɓe ta, amma ba zan buga ta ba tukuna.

Baffa Mai Ƙamus: In za ki faɗa, ki ja wasalin tsakiya yadda ya kamata. Kuma mace ce.