"Da wasa ake faɗa wa wawa magana": har ina wasa ya kai da wanda ba ka sani ba?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa a Babbar Kasuwar Katsina. Satin da ya wuce wani ya kama shagon da ke jikin nawa, aka ce mani daga Haɗeja ya zo. Kwanansa biyu da zuwa, muna zaune da mutum huɗu, na ce mashi, "Ashe bawa aka kawo mana, zo ka share mani shago." Bai yi dariya ba. Ya ce "To, Alhaji," ya shige. Tun ranar daga gaisuwa sai gaisuwa. Da na gaya wa yayana sai ya ce ai da wasa ake faɗa wa wawa magana, haka mutumin ya ɗauka. Mene ne ainihin nufin wannan karin magana? Kuma ba akwai wasa tsakanin Katsinawa da Haɗejawa ba?

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Alhaji ba ka yi laifin komai ba. Wasan Bakatsine da Bahaɗeje ba yau aka fara ba, kamar yadda muke yi da Nufawa, kamar Kanawa da Zagezagi, kamar Fulani da Barebari. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ya ji kunya. Wannan karin maganar ma ba nan ne wurinta ba, ana faɗinta ne in za a gaya wa mutum gaskiya mai ɗaci.

Tsohon Malamin Hausa:
Na Tudun Wada, ƙarshen maganarka daidai ne, farkonta ne nake da ja a kai.

Karin maganar tana nufin akwai maganar da ba ta faɗuwa kai tsaye, sai a naɗe ta cikin raha. Mai hankali zai warware ta ya ɗauki saƙon, wawa kuwa zai yi dariya tare da kowa bai san da shi ake ba. To ga inda ta shafi Alhaji. Duk Bahaushe ya san wannan dabarar, saboda haka duk wanda aka yi wa wasa, kafin ya yi dariya sai ya tambayi kansa: wasa ne zalla, ko magana ce aka faɗa mini da wasa? Abokinka na shekara goma yana da abin da zai amsa tambayar da shi, ya ci abincinka, ya ga ka zo masa gaisuwar mutuwa. Wanda ya kwana biyu kusa da kai ba shi da komai a hannu sai kalmar da ta fito bakinka. Kuma ba ya son ya zama wawan da ke cikin karin maganar, ya washe baki alhali ana gaya masa matsayinsa a layin. Shi ya sa ya zaɓi "To, Alhaji."

Wasan gari da gari kuwa gaskiya ne akwai shi, amma sai mutum biyu sun yarda suna cikinsa. An ce maka daga Haɗeja ya zo. Zuwa daga Haɗeja daban, zama Bahaɗeje daban. Wataƙila fatauci ya kai mahaifinsa can. Wataƙila ya tashi a gidan da ba a wannan wasan. Ban da haka, akwai gidaje a ƙasar Hausa da har yau ake yi musu gori da asalin bauta in maganar aure ta taso. Ba a rubuta wannan a goshin kowa, kuma in ka faɗa a kan irin wannan mutum, kalmar "bawa" ba ta da sauran wasa a kunnensa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Malam, to ta ina ake farawa? Don ni na ga dattawa na yi, ban taɓa ganin an yi fushi ba.

Tsohon Malamin Hausa:
Ka sake lura da su, Alhaji, za ka ga ba da "bawa" suke buɗewa ba. Sai an gama gaisuwa tsaf, an tambayi hanya da iyali. Daga nan a ce, "Malam daga ina?" In ya ce Haɗeja, a ƙara, "Cikin gari? Can aka haife ka?" Wannan tambaya ta biyu ita ce ka tsallake. Sai dattijo ya bayyana kansa, ya ce "To ni Bakatsine ne fa," yana murmushi, ya yi shiru. Shirun nan shi ne gwajin. Wanda ya san wasan ba ya bari ya wuce, nan take zai ce "A'a, ashe yarona na samu!" Ka ga shi ya buɗe ƙofar da kansa.

In bai ɗauka ba kuma kana son ka ƙara gwadawa, ka jefa ƙarami, kuma a kan garin, kada a kan jikinsa ko gidansu. Misali ka ce, "Ka zo babu ko ƙullin kifi, anya daga Haɗeja kake?" Wannan ko wanda bai san wasan ba zai iya amsawa, domin yabon garinsu ne a fakaice. Sai ka duba abin da ya dawo. In ya rama, wasa ya ƙullu. In ya yi gajeriyar dariya ya sauya zance, ko ya ce "Haka ne," ko "Allah sarki," ko ya ƙara maka girma a kira, daga "maƙwabci" ya koma "ranka ya daɗe," to ka tsaya nan. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Naka ya haɗa abu uku a lokaci guda. Ka fara da mafi nauyin kalma. Ka haɗa ta da umarni, shara, aikin yaron shago. Sannan gaban mutum huɗu da duk naka ne, shi ba shi da kowa. Ko da ya san wasan, ramawa a nan tana da wuya: baƙo ne, kai ne tsohon layi, bai san ko in ya ce maka "kai ne bawan" za a ce ya yi rashin kunya ba.

Yaron Mashi:
Ni dai abin da na sani, sai watan cika-ciki ake wannan. Lokacin ne taubasai ke karɓar kuɗin shara. Wataƙila don ba lokacinsa ba ne ya ƙi amsawa.

Na Tudun Wada:
A'a ɗan'uwa, kuɗin shara ne ke da wata. Wasan kansa kullum ana yi.

Maman Ummi, Daura:
Ku yi haƙuri in sako nawa, ko da ba na gari da gari ba ne. Shekarata shida da aure kafin Allah ya ba ni Ummi. Cikin shekarun nan na je wani biki, muna zaune a tsakar gida ana rabon alkaki, wata mata da ranar na fara ganinta ta tambayi shekarun aurena. Da na faɗa sai ta ce, "Ke kuma tuwon gidan kawai kike ci?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na tashi kamar zan yi alwala, na shiga bayan ɗaki na yi kuka har kwallina ya wanke. Na tabbata har yau matar nan tana ganin wasa ta yi kuma na ji daɗi, tunda ta ga haƙorana.

Shi ya sa nake cewa Malam, dariyar ma ba shaida ba ce. Mu mata mun iya dariyar kunya. Haihuwa, daɗewa ba aure, sakin aure, ƙiba ko rama, hasken fata ko duhunta, in'ina, waɗannan ko kusa kada a taɓa su da wadda ba a sani ba. Mai ramar nan wataƙila jinya take. Kuma yanzu da ake ta rasa mutane da garuruwa, wasan "ku mutanen daji" ga wanda ya baro ƙauyensu ba da son ransa ba, wallahi yanka ne.

Tsohon Malamin Hausa:
Allah ya raya Ummi. Kin gyara mini, Hajiya. Ramawa ita ce shaida, dariya kaɗai ba ta isa ba.

Almajirin Zaure:
Ƙari kaɗan ta fuskar addini. A Suratul Hujurati, aya ta 11, an hana wasu su yi wa wasu izgili, an ambaci maza daban mata daban, kuma an hana jifan juna da miyagun laƙubba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha, amma ba ya faɗin sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Ya ce ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Ku duba, dariyar tana cikin kalmar, ba a rage wa mutumin komai ba. Ni a ganina kiran ɗa bawa, ko da wasa, gara a bar shi gaba ɗaya.

Na Tudun Wada:
A nan kam ban bi ka ba, Malam. Wasan nan ya kashe faɗa da yawa. Na ga rigimar ciniki a tasha ta mutu saboda an gano ɗaya Bagobiri ne ɗaya Bayarabe. In muka bar shi, 'ya'yanmu za su tashi ba su san Banufe ɗan'uwansu ba ne. Na dai yarda Alhaji ya yi gaggawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Abin ya dame ni, don mutumin kirki ne, ko jiya shi ya tsare mani shago da na tafi sallah. Yanzu in je in ba shi haƙuri, ko in bari ya wuce?

Maman Ummi, Daura:
Ka je, Alhaji, amma ku biyu kawai. Kada ka ce "ai wasa nake, ba ka san wasa ba?" Wannan ɗora masa laifin ne a karo na biyu. Ka ce ka yi saurin baki, ba ka tambaye shi ba, ya yafe maka.

Tsohon Malamin Hausa:
Ni da zan ba da shawara, ba zan tono kalmar ba. In har ciwon asali ne, ambatonta zai sa ya ga kamar ka gano wani abu. Ka kira shi ku ci abincin rana, ka tura masa mai saye in ba ka da kalar da ake nema, ka kira shi Malam gaban mutum huɗun nan da suka ji na farko. Gaban su aka rage shi, gaban su ya kamata a mayar masa.

Maman Ummi, Daura:
Malam, da matar nan ta zo ta ce mini "yi haƙuri" sau ɗaya, da ya fi mini kwanon abinci goma.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Gobe in Allah ya kai mu yana buɗewa da wuri, kafin layin ya cika. Zan je da shayi, in ga yadda fuskarshi take tukuna.