Neman shawara: bayanin hoton da makaho zai iya aiki da shi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta darasin yadda ake sa sim a wata waya, na haɗa da hoton da ke nuna ramin da ake tura tsinke, da jar kibiya a kansa. A cikin `alt`, wato bayanin hoto da manhaja ke karanta wa makaho, na rubuta "hoton waya da sim". Wani abokina makaho ya saurara, ya ce ban gaya masa komai ba. Me ya kamata in rubuta?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka rufe hoton da tafin hannunka ka karanta darasin. Abin da ya ɓace, shi za ka rubuta. Kowa ya san waya da sim ake magana tun daga kan rubutun. Abin da hoton ya ƙara shi ne inda ramin yake da yadda sim ke kwanciya. Kalmar "hoton" ma cire ta, don manhajojin da ke karanta wa makaho allo, irin su NVDA da TalkBack da VoiceOver, suna sanar da mai sauraro cewa hoto ne, sai ka sa shi ya ji abu ɗaya sau biyu.

Mai Gyaran Waya: Ni dai na san ƙa'ida ita ce kada ya wuce haruffa 125, in ya wuce manhajar yanke shi take yi. Ka kuma zuba sunan wayar sau biyu ko uku don Google ya ɗauko shafin.

Malamar Firamare: Malam, gajartawar na yarda da ita, amma HTML bai sa wa `alt` iyakar haruffa ba, kuma WCAG, kundin ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, a sashe na 1.1.1 bai ambaci 125 ba. Cewa ya yi rubutun ya biya buƙatar da hoton ke biya. Maimaita sunan waya kuwa, mai sauraro ne zai sha wahalarsa.

Yaya Babba: Ni makaho ne, da TalkBack nake karanta ku yanzu. Ƙanena, inda masu gani suka fi yin tuntuɓe a irin wannan hoto shi ne "hagu" da "dama". Hagun wa? In wayar a kife take a hoton, hagunka damata ce. Sai ka fara gaya mini yadda zan riƙe ta, sannan ka ja ni da abin da yatsa zai iya laluba. Jar kibiyar ba ta cikin wayata, saboda haka kada ka ce "inda kibiya ta nuna", faɗi wurin da ta nuna ɗin. Ka duba hotonka ka gyara, amma kusan haka nake so in ji:

```
alt="Fuskar waya na sama, ramin caja na wajenka. Ramin tsinke yana gefen hagu, kusa da sama, daf da gidan sim."
```

Da wannan zan ɗauki tsinke in nemo shi ba tare da na kira kowa ba. Amma ka kula, wasu wayoyin suna da ramin makirfo mai kama da shi. Na taɓa tura tsinke a nan saboda wani bayani da ya ce "ƙaramin rami" kawai. In akwai irinsa kusa, wannan gargaɗin a cikin darasin ya kamata ya zauna, don mai gani ma yana iya faɗawa.

Mai tambaya: Yaya, Allah ya saka. To yadda sim ke kwanciya fa? Duk a hoto ɗaya suke.

Yaya Babba: Raba shi biyu in za ka iya. Na biyun ka ce kusurwar sim da aka yanke tana haɗuwa da yankakkiyar kusurwar gidan, ka faɗi ko ɓangaren ƙarfen sama yake kallo ko ƙasa. Ana jin bambancinsu da yatsa.

'Yar Auta: Ni a shafina ƙarƙashin kowane hoto nake rubuta bayani, ai shi ke nan ko?

Malamar Firamare: Wannan kowa na ganinsa, ƙanwata, daban yake da `alt`. In ya riga ya faɗi duk abin da ke hoton, kada ki kwafe shi a `alt` kuma. Hoton ado zalla ana ba shi `alt=""`. In kika cire shi gaba ɗaya, wasu manhajojin sunan fayil za su karanto, irin su IMG_2041.jpg. Launin wayar ma ni da ban saka ba, ba ya taimaka wa mai neman rami.

Yaya Babba: A nan mun ɗan saɓa, Malama. Ba a haife ni makaho ba, har yanzu ina son jin launi, kalma ɗaya ce ai. Abokinsa kuma wataƙila ba ruwansa. Ƙanena, tura masa sabon bayanin, ka miƙa masa wayar da tsinke ka yi shiru. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, ka rubuta mana tambayar a nan.